Me za mu kira "overround" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wani rubutu kan cacar ƙwallo, ɓangaren da a manhaja ake rubuta Outright, inda mutum ke zuba kuɗi tun farkon kaka kan wanda zai ɗauki kofi. Wannan na sa masa "cacar zakara", ban ji ta yi mini nauyi ba. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce overround. Na rubuta "la'ada", amma zuciyata ba ta kwanta ba. Masu lissafi ku taimaka.

Ɗan Gunners: Ai kamasho ne kawai, Malam. Idan ka haɗa wasa ashirin a tikiti ɗaya, kowane wasa kamfani na cire nasa, shi ya sa tikiti mai tsawo ba ya ci.

Malam Lissafi: Ƙanena, tikitin haɗe-haɗe daban, wannan daban. A nan tambaya ɗaya ce tak, wa zai zama zakara, sai dai amsoshinta ashirin ne. Bari mu fara da wasa ɗaya. Ka raba 100 da kowane od, wato farashin da ake ninka kuɗinka da shi in ka ci, abin da ya fita shi ne damar da kamfani ya ɗora wa wannan sakamakon. A ce nasarar masu gida 2.00, canjaras 3.40, nasarar baƙi 3.80. Ka samu 50, da 29.4, da 26.3. Haɗa su, 105.7. Tunda dole ɗaya daga cikin ukun ne zai faru, da gaskiya ake bi da jimillar ta tsaya a 100 cif. Wannan 5.7 da ya haura shi ake nema wa suna.

Yanzu ɗauki gasa mai ƙungiyoyi 20 kamar Firimiya. Farashin da zan kawo misali ne nawa, amma haka siffarsu take. Manya huɗu a 2.50, 3.50, 5.00 da 10.00 sun ba da 98.6. Ka ga tun a nan ɗarin ta kusa cika, alhali saura ƙungiyoyi 16 ba a taɓa ba. Biyu a 25.00 sun ƙara 8. Huɗu a 50.00 sun ƙara wani 8. Goma na ƙasa a 200.00 sun ƙara 5. Jimilla 119.6.

Hajiya Mai Shirin Wasanni: To ai magana ta ƙare. Kamfani na cin kusan kashi 20 cikin 100, la'ada ke nan. Ni a shirina haka nake faɗa, masu sauraro kuma suna ganewa.

Malam Lissafi: Hajiya, kin kusa, amma akwai ɗan bambanci, kuma shi ne ya hana Mai Fassara natsuwa. Wanda zai sayi duk ƙungiyoyin ashirin yadda ko wa ya ci zai karɓi 100, sai ya zuba 119.6. Asararsa 19.6 ce cikin 119.6, wato kashi 16.4. Wannan ne rabon kamfani daga kuɗin da aka zuba, shi ya cancanci a kira la'ada, shi ma in an zuba kuɗin daidai da farashin. Shi kuwa 19.6 abin da ya haura ɗari ne a kan allo. Idan kalma ɗaya ta ɗauki biyun, mai karatu zai riƙa ganin lambobi biyu da suna ɗaya. Ni "rarar ɗari" zan ce.

Mai Fassara: Rara tana kai hankalina ga abin da ya saura bayan an gama rabo. Wannan kuwa da gangan aka aza shi. Me zai hana "ɗoriya"? Sannan Malam, me ke sa ta kumbura idan 'yan takara sun yi yawa?

Malam Lissafi: Ɗoriya ta fi tawa. Dalilin kumburin kuwa, kowane farashi ana ɗan aske shi, aski uku ba zai kai aski ashirin ba. Kuma ba daidai ake askin ba. A ce wata ƙaramar ƙungiya damarta ta gaskiya ɗaya cikin 1,000 ce, sai a sa ta a 200.00. A jimilla 0.4 kacal ta ƙara, ba mai lura, amma wanda ya saye ta an biya shi ɗaya bisa biyar na abin da ya dace. Mai neman sa'a yana ganin 200 ya ga kuɗi, ba ya tambayar ko 1,000 ya kamata. Kamfanoni ma suna da abin tsoro. A kakar 2015/16 an sayar da Leicester City a 5,000 kan 1, sai ga yaran Claudio Ranieri sun ɗauki kofin da maki 81. Ƙaramin kuɗi a irin wannan farashi kan zama bashi mai nauyi. Ga shi kuma ba kowa ke zama ya raba ɗari da lambobi ashirin ba, alhali farashin wasa ɗaya cikin minti ake kwatanta shi tsakanin kamfanoni.

Ɗan Gunners: Ni abin da ya ƙona mini rai daban ne. Na sa dubu goma kan ƙungiyarmu a Agusta, a Janairu buƙata ta taso, na danna Cash Out don in cire kuɗina kafin a gama gasa, aka ba ni ƙasa da abin da na sa, alhali muna ta biyu a tebur.

Malam Lissafi: Ba abin mamaki ba ne. An aske ka wajen shiga, an sake aske ka wajen fita, domin da farashin ranar ake lissafa maka, sannan a rage. Kuma ka taɓo abu na biyu da rubutun Mai Fassara zai buƙaci suna. Daga Agusta zuwa Mayu wata tara ne kuɗinka ke hannunsu. A ce kana iya juya shi ya kawo kashi 12 a shekara, wata tara ya zama kashi 9. Ƙungiyar da damarta ta gaskiya kashi 40 ce, 2.50 ne farashinta na adalci in yau za a biya. In sai Mayu, dole 0.40 sau od ya kai 1.09, wato od ya zama kusan 2.73 kafin ka tashi ba ci ba asara. Wannan ba ya fitowa a cikin ɗoriya ko kaɗan, a kanta yake hawa.

Hajiya Mai Shirin Wasanni: "Kwanciyar kuɗi" ke nan, kowa zai gane. Amma Malam, ban yarda kullum asara ba ce. Mai caca ba juya kuɗin zai yi a sana'a ba, wata cacar zai kai shi. In kowane mako ya zuba duk abin da ke hannunsa ana cire masa kashi 5.4, wato la'adar wasa ɗaya a misalinka, 5.7 cikin 105.7, bayan mako 38 a matsakaici kusan kashi 12 ne kawai zai saura a hannunsa. Wanda ya kwantar da nasa sau ɗaya aka yanke shi.

Malam Lissafi: Lissafinki daidai ne. Sai dai ya danganta da inda kuɗin zai je in ba a kwantar da shi ba, wannan kuwa mai kuɗin ne kaɗai ya sani.

Baba Ɗan Fansho: Ku dai ku bar "caca" a gaban sunan, kada a yi mata kwalliya. Amma "cacar zakara" ba za ta ɗauki wadda ake yi kan waɗanda za su faɗa ƙaramar gasa ba, ko wanda zai fi zura ƙwallo, alhali duk a shafi ɗaya suke.

Mai Fassara: Gaskiya ne, Baba. Na ɗauki ɗoriya, la'ada ta tsaya a kan rabon kamfani, na ɗauki kwanciyar kuɗi. Ta farkon ce ta dawo ɗanya. "Cacar ƙarshen kaka" za ta haɗe su duka, sai dai Gasar Kofin Duniya ba kaka ba ce, wata guda ne da 'yan kwanaki. Akwai mai wadda ta fi?