Agogon kyamara bayan dawowa daga Makka

Masu ɗaukar hoto na Gusau da ke bin alhazai sun tattauna kan abin da ke hargitsa jerin hotuna bayan tafiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya: agogon kyamara ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Waya tana gyara agogonta da kanta, amma yawancin kyamarori ba sa yi. Hoton da aka ɗauka a Makka da ƙarfe 1 na dare, kyamarar da ke kan lokacin gida za ta rubuta 11 na daren jiya, kwanan wata ma ya sauya. In aka haɗa da hotunan waya, sai jerin ya rikice.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce, da sauka a Jidda a canza Time Zone na kyamara zuwa UTC+3, wato lokacin Saudiyya, kada a taɓa awa da hannu, domin sabbin kyamarori suna rubuta yankin lokaci a cikin hoton. In aka dawo, a mayar UTC+1, lokacin Najeriya. Daylight Saving Time kuwa a kashe shi, ƙasashen biyu ba sa amfani da shi.

Wanda ya manta, ya gyara da ExifTool, manhajar kwamfuta mai gyara bayanan da ke cikin hoto, ya ƙara wa hotunan awa 2, amma a ware hotunan da kyamarar ta ɗauka a Makka cikin folda tasu mai suna makka, kada na gida su shiga:

```
exiftool "-AllDates+=2" makka
```

Wasu sun ƙara da dabara: a ɗauki hoton agogon waya da kyamarar, bambancin zai fito har da mintuna. In kuma kyamara ta koma shekarar da ta wuce da daɗewa, cajin ƙaramin batirin ciki mai riƙe agogo ne ya ƙare, a bar cikakken batiri a cikin kyamarar kwana ɗaya ko biyu domin ya yi masa caji.