Neman kalma: me za mu kira `reduction` a darasin matsalar falke?

Malama Mai Alli: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Litinin zan koyar da ɗalibaina dalilin da ya sa masana kwamfuta ke ganin wasu matsaloli suna da wuya, kuma da Hausa nake son rubuta takardar. Misalina shi ne ɗan kasuwar da zai zaga garuruwa, ya shiga kowanne sau ɗaya, ya dawo gida ta zagaye mafi gajarta. Kalma biyu suka tsaya mini: sunan wannan ɗan kasuwa, da abin da littattafai ke kira `reduction`. Na rubuta "ragewa", amma raina bai kwanta ba.

Baba Mai Ƙamus: Wa alaikumus salam 'yata. Na farko ai ba abin nema ba ne. Falke, jam'insa fatake. Mutanen da suka yi ta kai goro daga Gwanja zuwa Kano ba za su rasa suna a bakinmu ba.

Ɗan Damagaram: Baba, ɗan koli ya fi kusa, shi ne mai bin kasuwa-kasuwa ya koma gida. Falke hanya ɗaya yake miƙewa. Amma "matsalar falke" ta fi daɗin faɗa, na yarda.

Injiniya Talatu: Falke ya yi. "Ragewa" ce ba za ta yi ba, Malama, domin babu abin da ake ragewa, wani lokaci ma matsalar ƙara girma take yi. Ga yadda aikin yake. Akwai wata matsala daban: an ba ka garuruwa da hanyoyin da ke tsakanin wasu daga cikinsu, babu maganar nisa, ana tambaya ko akwai zagayen da zai bi kowane gari sau ɗaya ya dawo mafari. Sunanta zagayen Hamilton. A ɗauki gari biyar, A, B, C, D, E, da hanyoyi shida: A-B, B-C, C-D, D-E, E-A, A-C. Yanzu a rubuta wa falke jadawalin nisa: inda akwai hanya a sa 1, inda babu a sa 2. Sai a tambaye shi: akwai zagayen da jimillarsa ba ta wuce 5 ba? Taku biyar ne dole, don haka jimilla ba za ta tsaya a 5 ba sai kowane taku ya bi hanya ta gaske. A nan A-B-C-D-E-A ya ba da 5, amsa e. A cire hanyar D-E, sai E ya rage da hanya ɗaya tak, dole shiga ko fita ta ci 2, mafi ƙanƙantar jimilla ta koma 6, amsa a'a. Duk wanda ya iya amsa tambayar falke, ya amsa ta Hamilton ke nan. Ni "mayarwa" nake cewa: an mayar da Hamilton zuwa falke.

Mai Rarraba Kaya: Ku gafarce ni, ni ban ga wuyar ba. Ina raba lemo a shaguna goma sha biyu kullum, kuma taswirar wayata kafin in ƙifta ido ta nuna mini hanya. Ko daga Kano zuwa Maraɗi na tambaye ta, nan take.

Injiniya Talatu: Yaya, waccan wata tambayar ce. Hanya mafi kusa daga wuri ɗaya zuwa wani wuri ɗaya tana da sauƙi, tun 1959 Dijkstra ya wallafa dabararta. Taka ta shaguna ita ce ta falke, domin jerin da za ka bi su ake nema. Yawan zagaye shi ne `(n-1)!/2`, inda `n` yake yawan garuruwa, wato a ninka lambobi daga 1 har zuwa `n-1`, a raba biyu. Gari 10 na da zagaye 181,440, kwamfuta ta gwada su duka ba ta ji ba. Gari 20 na da 60,822,550,204,416,000. Na'urar da ke gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta yi kusan shekara biyu a kai. Ƙara gari ɗaya kawai, ya zama 21, aikin ya ninka sau 20, kusan shekara 39.

Baba Mai Ƙamus: To kun gani. Shi ya sa nake da kalma biyu da na daɗe ina ajiye. Irin wannan matsala a kira ta "gagarau", shi kuma aikin da 'yata Talatu ta nuna a kira shi "rikiɗa". Matsala ta rikiɗe ta zama wata. "Mayarwa" kalmar kasuwa ce, a mayar da canji, a mayar da kayan aro. Ilimi yana son kalma mai nauyi, ba wadda yaro ke ji a bakin mai shago ba.

Ɗan Damagaram: Gagarau ta burge ni. Yawan nan da Injiniya ta kawo ai shi ne hujja, babu kwamfutar da za ta iya.

Injiniya Talatu: A nan ne nake so a yi hattara, ƙanena. Yawan zagaye ba hujja ba ne. Hanyoyin da ke tsakanin Kano da Maraɗi ma, in za a ƙirga duk kwane-kwanensu, ba su lissafuwa, amma Dijkstra bai bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ko falken kansa, a 1962 Held da Karp sun nuna dabarar da aikinta ke tafiya kamar `n^2 * 2^n`. Gari 20 ya sauko zuwa taku kusan miliyan 420, aikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai a gari 100, `2^100` kaɗai lamba ce mai alƙaluma 31. An rage wahalar, ba a kawar da ninkuwar ba, kuma har yau babu wanda ya tabbatar cewa ba za a iya kawar da ita ba.

Abin da ya sa ake zaton da wuya, shi ne mayarwar nan. In wani ya kawo maka zagaye ya ce bai wuce kilomita 900 ba, dubawa ba ta da wuya, tara lambobi ne kawai. Matsalolin da ake iya duba amsarsu cikin sauri haka su ne ajin NP. A 1971 Stephen Cook ya nuna cewa kowace matsala ta wannan aji ana iya mayar da ita zuwa guda ɗaya, wadda ake kira SAT, wato tambayar ko akwai zaɓin e da a'a da zai cika jerin sharuɗɗa duka, Leonid Levin kuma ya kai ga haka shi kaɗai a Tarayyar Sobiyet. A 1972 Richard Karp ya jera matsaloli 21 da aka ɗaure da wannan sarƙa, zagayen Hamilton na ciki. Haɗa da jadawalin 1 da 2 da na nuna, sai ka ga cewa duk wanda ya samo wa falke dabara mai sauri, ya warware dukan ajin a rana ɗaya. Fiye da shekara hamsin mutane na kai hari ta ƙofofi daban-daban, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Zato ne mai ƙarfi, amma zato ne.

Malama Mai Alli: Ke nan in na rubuta "gagarau" na faɗi abin da ba a tabbatar ba?

Injiniya Talatu: Haka ne. Kuma akwai matsalolin da aka tabbatar sun gagari kowace kwamfuta, irin wadda Turing ya nuna a 1936. In muka ba falke sunan, me za mu kira su? Ga shi kuma ana warware falke a aikace: a 1954 Dantzig, Fulkerson da Johnson sun warware na birane 49 a Amurka, a 2006 manhajar Concorde ta kammala mai wurare 85,900 da tabbacin babu zagayen da ya fi shi. Abin da ba a samo ba tukuna shi ne dabarar da ke da lamunin sauri a kan kowane jadawali.

Baba Mai Ƙamus: Ku 'yan boko kullum haka kuke. In Bature ya raɗa suna sai ku haddace, in Bahaushe ya raɗa sai ku kawo ma'auni. Wa ya auna musu nasu?

Ɗan Damagaram: Baba, mu a nan da Faransanci muka karanta lissafi, ku da Ingilishi. In kowa ya ari na makarantarsa, ɗan Zinder da ɗan Zariya ba za su fahimci juna ba. A wannan ina bayanka. Amma a daina cewa Hausar Kano ce kaɗai ma'auni.

Baba Mai Ƙamus: Ni ban ambaci Hausar Kano ba, yaro. Kai ka kawo ta.

Injiniya Talatu: Allah ya ba Baba haƙuri, an auna musu nasu. Donald Knuth ya raba wa masana takardar zaɓe a kan sunan da za a ba matsaloli masu wuya irin ta falke, da kalmomi masu ma'anar gagarumi da mai tsanani, ya wallafa sakamakon a 1974. Ba su karɓu ba, aka tsaya a kan NP-complete, sunan da bai yi alƙawarin komai ba. Game da "rikiɗa", damuwata ɗaya ce: abu da kansa yake rikiɗa, kuma kalmar ba ta tilasta a faɗi ina aka nufa. A wannan fanni alƙibla ita ce komai.

Mai Rarraba Kaya: To ni in na mayar da lissafin shagunana goma sha biyu zuwa wancan SAT ɗin, na nuna aikina na da wuya ke nan?

Injiniya Talatu: A'a Yaya, kuma kuskuren da ɗalibai suka fi yi ke nan. In an mayar da A zuwa B, abin da aka nuna shi ne B bai fi A sauƙi ba. Kamar ka kai wa babban alƙali ƙaramar shari'a ne: ya yanke ta, amma hakan bai mai da ita babba ba. Don a nuna sabuwar matsala na da wuya, sananniyar mai wuya ake mayarwa zuwa gare ta, ba akasin haka ba. Sharaɗi na biyu, mayarwar kanta ta zama mai arha. Jadawalin gari biyar layi 10 ne, na gari 1,000 layi 499,500, duk aikin ɗan lokaci. In sai ka warware matsalar kafin ka rubuta jadawalin, ba ka nuna komai ba. Na uku, e ta koma e, a'a ta koma a'a, ta ɓangarorin biyu. Da na sa 1 a ko'ina, falke zai ce e kullum, ko da E ba shi da hanya ko ɗaya.

Ɗan Damagaram: "Juyawa" fa? An juya A zuwa B.

Malama Mai Alli: Juyawa za ta sa ɗalibai su zaci ana komawa baya ne, ga shi alƙiblar ce ke rikita su. Zan rubuta "matsalar falke" da "mayarwa", kullum da "daga" da "zuwa". NP-complete zan bar shi yadda yake, in bi shi da bayani: matsalar NP da ake iya mayar da duk sauran 'yan ajin zuwa gare ta. Baba, ka yi haƙuri da wannan karon.

Baba Mai Ƙamus: Na bar muku mayarwa, ba don ta fi ba, don Litinin ta matso. Amma barin haruffan Turawa tsirara a takardar Hausa ban yarda da shi ba, kuma gagarau ban janye ta ba. In ba ta dace da falke ba, a ajiye mini ita wa matsalolin Turing.

Injiniya Talatu: A can kam ba ni da ja, Baba. Malama, ki ba su misalin gari biyar su yi da hannu, sannan ki ce su cire A-C maimakon D-E su ga ko amsar ta canja.