Tafiya Guwanzu a watan Oktoba: in sayi tikiti yanzu ko in jira biza?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan wutar lantarki a Kasuwar Dole ta Damagaram, kuma ina da niyyar halartar baje kolin Guwanzu ta ƙasar Sin da ake buɗewa ranar 15 ga Oktoba, in zauna makonni shida. Yanzu muna farkon Yuli. Fasfona zai ƙare a watan Maris mai zuwa, ban yi allurar shawara ba, takardar gayyata ma ba ta iso ba. An nuna mini tikiti mai sauƙin kuɗi daga Yamai ta Adis Ababa, amma irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne. In saya yanzu, ko in jira biza ta fito?

Alhaji na Zango: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka ajiye zancen tikiti tukuna, domin matsalarka tana cikin fasfo. Ana buƙatar ya rage masa aƙalla wata shida, kai kuwa daga Oktoba zuwa Maris naka bai cika ba. Ka sabunta shi a wannan watan, tun da lambar sabon fasfon ce za a rubuta a takardar gayyata, kuma a cikinsa za a manna biza. Allura ka yi ta a makon nan, domin katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Biza kuwa kada ka yi mata gaggawa: wadda ake bai wa ƴan kasuwa sau da yawa wata uku ne wa'adin shiga da ita, saboda haka idan ta fito a farkon Yuli za ta mutu kafin ka tashi. Ni a farkon Satumba nake kai takarduna, da shaidar an riƙe mini kujera, in biya kuɗin jirgi bayan fasfo ya dawo hannuna.

Wani ɗan Birni: Ni ta Kano nake tashi, domin ta fi kusa da Damagaram nesa ba kusa ba. Jika ɗari bakwai na biya zuwa da dawowa. Sai dai ka sani allurar shawara shekara goma take yi.

Malama ma'aikaciyar jinya: Wannan tsohuwar doka ce, Malam. Tun 2016 katin na har abada ne, allura ɗaya ta wadatar. Abin da za a duba shi ne sunan da ke katin ya yi daidai da na fasfo, a kuma buga hatimin wurin da aka amince ya yi ta.

Hajiya mai atamfa: Jika ɗari bakwai a lokacin baje koli? Ni na haura miliyan guda. Amma ku ji abin da ya same ni. Na miƙa fasfona ga wani dillali da ya rantse biza za ta fito cikin mako biyu, na sayi tikitin da ba a mayarwa, na ɗaure jakunkuna biyu masu kilo 23 kowace, na yi ban kwana da dangi, na hau mota kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Kwana tara na yi a gidan ƙanwata ina kiran wayarsa tana kashe. Jirgi ya tashi ina zaune a tsakar gida, jakunkunan suna jingine da bango, ko igiyarsu ban kwance ba. Da fasfon ya dawo, ko alamar an kai shi ofishin jakadanci babu.

Ɗan Birni: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. To kilishin guzurin fa, wa ya ci?

Alhaji na Zango: Da ma kilishi ba ya shiga Sin, kayan nama karɓe su ake yi a filin jirgi. Ɗana, ka gama ɗaure kaya kwana uku kafin barin Damagaram, ka auna su a sikeli, batirin ajiyar caji kuma ya zauna a jakar hannu.

Hajiya mai atamfa: Alhaji, kai kana da abokan ciniki a can da ke aiko maka gayyata cikin kwanaki, shi ya sa tsarinka ke tafiya. Mai zuwan farko ba shi da kowa sai dillali, kuma jira har Satumba yana nufin tikitin ya yi tsada.

Alhaji na Zango: Ƙarin kuɗin jirgi ya fi asararsa gaba ɗaya sauƙi, Hajiya, ke ce shaida.

Malama ma'aikaciyar jinya: Abin da ke damuna shi ne yadda kowace takarda sai an bi ta Yamai, mutum ya rufe shago ya kwana a hanya, shi ya sa jama'a ke faɗawa hannun dillalai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan fara da fasfo da allura. Hajiya, dillalin nan ya mayar miki da wani abu daga kuɗinki kuwa?