Net 30 da Hausa, a taimaka kafin gobe

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Kawuna yana sarin abincin kaji a Samaru, ya ce in mayar masa da sharuɗɗan takardar biya zuwa Hausa, gobe da safe za a kai wa mai ɗab'i. Net 30 ne ya tsaya min, da kuma kuɗin da ake ƙarawa in mutum ya makara.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Kawai ka sa "bashin wata ɗaya".

Akanta: A'a ƙanena, kar ka sa wata, nan rigima take farawa. Kwana 30 ne ake ƙirgawa daga kwanan watan da ke kan takardar, har Asabar da Lahadi, sai in an rubuta cewa daga ranar karɓar kaya ne. Takardar 10 ga Janairu wa'adinta 9 ga Fabrairu ne tunda Janairu kwana 31 gare shi, mai ƙirga wata kuwa zai zo ran 10 yana rantsuwa bai makara ba. Ni "wa'adin kwana 30" zan sa, kuma a rubuta ranar ƙarshen ɓaro-ɓaro.

Malamin Hausa: "Talatin cif" ya fi, gajere ne kuma namu ne. Wa'adi ai Larabci ne.

Ɗan Tudun Wada: Malam, talatin ɗin fa?

Malamin Hausa: Wannan ta daɗe ta zama 'yar gida. Da a Kano aka ƙirƙiro "talatin cif" da tuni kun karɓa, na Zazzau ne kuke rainawa.

Hajiya mai kaji: Ni ƙarin ne damuwata, an taɓa caje ni kuɗin wata guda kan kwana 4. Ba kuɗin ruwa ba ne wannan?

Akanta: Hajiya, abin da aka rubuta ne ya ba su dama. A ce bashin naira 400,000 ne, tara kashi 1.5 cikin ɗari duk wata, 6,000 ke nan. In da kwana ake lissafi sai a raba 30, naira 200 kullum, wanda ya biya 24 ga Fabrairu ya makara kwana 15, zai ƙara 3,000. Amma in an rubuta "wata ko wani ɓangarensa" to ko kwana ɗaya ya makara, 6,000 ɗin zai biya. In kuma ya biya rabi kafin wa'adi, kan ragowar kawai ya kamata a lissafa. Zancen riba kuwa na malamai ne, na dai san bankunan Musulunci sadaka suke bayar da irin wannan tarar.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Na sa "wa'adin kwana 30" da "tarar jinkiri", lissafin kwana-kwana. Maganar halascin zan kai wa Kawu ya tambayi limaminsu.

Malamin Hausa: To shi ke nan, amma ko a ƙasa ne ka saka "cif".