An dakatar da kuɗin tashata saboda "Reused content": me ake nufi, kuma har yaushe?

Abdul-Razak, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tashar wa'azi da tafsiri a YouTube wadda take samun kuɗin talla, sai ga saƙo a shafin Earn cewa an dakatar da kuɗin saboda "Reused content". Mafi yawan bidiyoyin ni na ɗauka da kaina a masallatan Aboabo da Asawase a Kumasi, sauran kuma na samo su ne daga Facebook da izinin malaman. Ina neman a fahimtar da ni ma'anar wannan hukunci da tsawon lokacin da yake ɗauka.

Alhaji Tanko, Alabar:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan magana ce ta haƙƙin mallaka, kuma tunda malaman sun yarda, ka je su rubuta maka takardar izini ka aika. Idan kana son abin ya yi sauri, ka goge duk waɗanda ka samo daga Facebook yau ɗin nan, bayan kwana 30 za a mayar maka da kuɗinka.

Malam Habibu, Sawaba:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon Abdul-Razak kada ya goge komai tukuna, zan faɗi dalili. Takardar izini kuma ba za ta warware wannan matsala ba, domin ƙa'idar YouTube ta fayyace cewa wannan hukunci daban yake da na haƙƙin mallaka, kuma yana iya hawa kan tasha ko da mai bidiyon ya ba da izini, ko da kuwa babu wanda ya taɓa kai ƙara. Abin da masu dubawa suke tambaya shi ne: me mai tashar ya ƙara da kansa? Idan an ɗauko karatun malami daga wani wuri, aka yanke minti goma, aka manna tambarin tasha a kusurwa aka ɗora, a wurinsu ba a ƙara komai ba, kuma ba za a biya kuɗin talla a kan abin da yake nan a wani wuri yadda yake ba.

Ƙanina, abin da ya kamata ka gane shi ne tasha ɗungurungum ake yi wa hukunci, ba bidiyo ɗaya ba, kuma masu dubawa ba sa kallon duk abin da ka ɗora. Suna duba bidiyoyin da aka fi kallo, da sababbin da ka saka, da waɗanda suka fi tara awannin kallo, sai kanun bidiyo da hotunan bango da bayanin tashar. Saboda haka ka buɗe YouTube Studio ka jera bidiyoyinka daga wanda aka fi kallo zuwa ƙasa. Mu ce kana da 140, ka ɗauki 100 da hannunka, 40 kuma na aro ne. A lissafinka kai ne mai rinjaye, amma idan bakwai daga cikin goman farko gutsattsarin fitattun malaman Najeriya ne da suka riga suka zagaye WhatsApp, to fuskar da tasharka ta nuna wa mai dubawa ke nan. Na sha ganin haka a tashoshin wa'azi na zangonninmu, domin karatun limamin unguwa ba ya jan jama'a kamar na malamin da duniya ta sani.

Game da lokaci, hanya biyu ce. Ta farko ɗaukaka ƙara, wadda ake yi cikin kwana 21 daga ranar dakatarwa, kuma ana ba da amsa cikin kwana 14. Idan an karɓa, kuɗin yana dawowa cikin kwana 30. Ta biyu ita ce ka gyara tashar ka jira kwana 90 sannan ka sake neman shiga tsarin kuɗin talla, daga nan a sake bita, wadda takan ɗauki kamar wata guda, wani lokaci fiye da haka idan masu nema sun yi yawa. Kwana 30 da Alhaji ya ambata gaskiya ne, amma na wanda ya nemi shiga karon farko aka ƙi shi ne; tun 2023 wanda aka dakatar yana jiran 90. Kuma cikar kwanakin ba ta mayar da kuɗi da kanta, izinin sake nema kawai take ba ka, idan aka tarar da tashar yadda take sai a sake ƙi, a sake ƙirga wasu 90.

Dalilin da ya sa na ce kada ka goge shi ne, a ɗaukaka ƙara ana duba tashar ne yadda take, kuma ƙa'idar ta ce kada a goge bidiyo kafin a aika da ƙarar. Sai ka zaɓa tun yanzu: idan ka tabbata manyan bidiyoyinka naka ne, ka ɗaukaka ƙara ba tare da taɓa komai ba, idan kuwa na aro ne suka riƙe tashar, gyara da jira shi ne hanyarka.

Hajiya Ramatu, Asawase:
Ni tashar girki ce da ni, kuma irin wannan saƙo ya taɓa zuwa mini alhali ko bidiyo ɗaya ban aro ba. Hannuna da tukunya kawai ake gani, ba fuska ba murya, ga shi wasu shafuka sun kwashe bidiyon waakye da tuwon zafi da na yi suna yaɗawa, don haka babu abin da yake nuna ni ce mai asalin. Na ɗaukaka ƙara da bidiyon da bai kai minti biyar ba, na nuna adireshin tashar cikin daƙiƙa 30 na farko, na nuna kicin ɗina da wayar da nake ɗauka da ita a kan maƙallinta, da ɗanyen bidiyon kafin a tace shi, na ɗora shi a matsayin Unlisted na ba da adireshinsa. Da Hausa na yi bayani, amma ɗiyata ta rubuta fassarar Turanci a ƙasa da hannu, domin ba a karɓar wadda na'ura take yi da kanta. An mayar mini. Ɗan'uwa, kai ma ka nuna kanka kana kafa kyamara a masallaci.

Malam Habibu, Sawaba:
Hajiya, shawararki ta yi daidai ga bidiyoyin da ya ɗauka da kansa, sai dai ke ba ki da na aro ko ɗaya, shi kuwa yana da su, kuma shaidar kyamara ba za ta wanke waɗannan ba.

Sulley, Akwatia Line:
Ni dai tsorona kada a rufe masa tashar gaba ɗaya, domin na ji an ce gargaɗi uku ne ake rufewa.

Malam Habibu, Sawaba:
Wancan gargaɗin na haƙƙin mallaka ne ko na saɓa dokokin dandalin, Sulley. Wannan bai shiga lissafinsu ba. Tashar tana nan, mabiyansa suna nan, kuma yana da kyau ya ci gaba da ɗora sababbin bidiyoyinsa a lokacin jira, tunda sababbin suna cikin abin da za a duba.

Abdul-Razak, Aboabo:
Na gode ƙwarai. Na jera su kamar yadda kuka ce, Malam, shida daga goman farko na aro ne. Idan na cire su, awannin kallona za su ragu sosai. Shin idan na riƙa fassara karatun zuwa Twi ko Turanci ina ƙara sharhi da muryata, zai wadatar?

Malam Habibu, Sawaba:
Awannin bidiyon da aka goge ko aka ɓoye ba sa shiga cikin awanni 4,000 da ake buƙata a wata 12 don shiga tsarin kuɗin talla, don haka ka lissafa abin da zai rage maka kafin ka cire. Sharhi na gaske, inda kake tsayar da karatun kana bayani da muryarka ko fuskarka, yana cikin abin da ƙa'idar ta yarda da shi. Fassara zalla a ƙasan bidiyon wani kuwa ni ba zan dogara da ita ba.

Hajiya Ramatu, Asawase:
A nan kam ban yarda da ku ba, Malam. Fassara karatun awa guda zuwa Twi aiki ne babba, kuma tana kai ilimin ga mutanen da ba su jin Hausa. Ni da zan ba shi shawara, ya yi fassarar da muryarsa, ya haɗa da sharhin, ya fara da bidiyoyi shidan nan kafin kwana 90 su cika.