Wace kalma za mu ba "korelasiyo"? Ina da shiri gobe

Rabi: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 8 na dare ina da shiri a rediyo da iyayen ƴan lakkwal a kan fashin zuwa aji. Takardar da baƙon shirin ya turo mini da Faransanci take, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: korelasiyo. Jimlar na cewa akwai korelasiyo tsakanin yawan zuwa aji da makin jarrabawa, amma hakan bai tabbatar da cewa zuwan ne ya kawo makin ba. Na sa "dangantaka", na karanta da ƙarfi, sai na ji kamar ina cewa akwai kuma babu. Ku agaza kafin azahar.

Mushe Sani: Wa alaikumus salam. Alaƙa. Shi ke nan, kowa zai gane.

Madam Hadiza: Mushe, alaƙa ta yi faɗi. In ka ce wa mai sauraro a Garin Malam "fashi yana da alaƙa da faɗuwa", abin da zai ji shi ne fashi ya kayar da yaron. Sanadi ya riga ya shige cikin kalmar, shi kuwa ake son a fitar. Dangantaka ma haka, nasaba ta fi su muni. Korelasiyo abu ɗaya kawai take faɗa: in ka jera yara, waɗanda wannan lamba tasu ta yi sama, galibi waccan ma tana sama. Ni "tafiya tare" nake cewa a aji.

Malam Issufu: Tafiya tare ba kalma ba ce, zance ne. Ilimi suna yake so. Ni na daɗe da ba da shawarar TAGWAITAKA, daga tagwaye. Abu biyu masu fitowa tare. Gajera ce, Hausa ce tsantsa, ba aron Larabci irin alaƙa.

Madam Hadiza: Bari in sa lambobi, Rabi, don ki ga abin da kalmar za ta ɗauka. Misali ne na ƙirƙira don lissafi ya yi sauƙi. Yara shida, zango mai kwana 60, maki bisa 20.

Na 1: ya zo kwana 60, maki 13
Na 2: kwana 56, maki 16
Na 3: kwana 52, maki 13
Na 4: kwana 48, maki 9
Na 5: kwana 44, maki 6
Na 6: kwana 40, maki 9

Matsakaicin zuwa 50 ne, na maki 11. Ga kowane yaro sai ki duba nisansa da matsakaici a ɓangare biyun, ki ninka su. Na 1 ya ɗara da kwana 10 da maki 2, wato 20. Na 5 ya gaza da kwana 6 da maki 5, ragi sau ragi ƙari ne, wato 30. Duka shidan sun ba da 108. Sannan ki ninka kowane nisa da kansa ki tara: na kwanaki 280, na maki 66. Sai a fitar da lambar korelasiyo, wadda ake kira r:

```
r = 108 / √(280 × 66) = 0,79
```

Wannan r ba ya wuce 1, ba ya yin ƙasa da -1. Don haka 0,79 babba ne. Mai kwamfuta ba sai ya sha wahala ba, a manhajar Excel, in kwanaki na jerin A, maki na jerin B, daga layi na 2 zuwa na 7:

```
=COEFFICIENT.CORRELATION(A2:A7;B2:B7)
```

In manhajar ta Turancin Ingilishi ce, sunan umurnin CORREL.

Mushe Sani: To ai magana ta ƙare. Kashi 79 cikin 100 na makin daga zuwa aji yake. A faɗa wa iyaye haka su daina tura yara talla.

Madam Hadiza: A'a Mushe, r ba kashi cikin ɗari ba ne. In kaso kake so sai ka ninka shi da kansa, ya ba ka 0,63, shi ma bambancin maki tsakanin yara yake aunawa, ba ya cewa daga ina makin ya fito. Amma ga inda nake son zuwa. A ce ukun farko ƴan cikin gari ne, gidan iyayensu suke, akwai lantarki, akwai littafi, akwai mai duba musu darasi da dare. Ukun ƙarshe daga ƙauye suka zo sakandare, suna zaune gidan mai masauki, su ne ɗibar ruwa da safe. Yanzu dubi ukun farko su kaɗai: mai kwana 60 ya ci 13, mai kwana 52 ma 13. Ukun ƙarshe: mai 48 ya ci 9, mai 40 ma 9. In ka lissafa r a kowane rukuni daban, sifili ne cif. Duk 0,79 ɗin nan daga bambancin gidajen ya fito. Halin gida ne ya riƙe zuwa da hannu ɗaya, ya riƙe maki da ɗayan. In ka tilasta wa na 6 ya zo kwana 60, lambobin nan ba su yi maka alkawarin ko rabin maki ba.

Rabi: Madam, wannan ya shige ni. Kamar mutum biyu a hanyar kasuwar Dole ranar Alhamis: tare suke tafiya, amma ba wanda ya ja wani, kasuwa ce ta fito da su.

Malam Issufu: Kun gani? Uwa ɗaya ta haife su. Tagwaitaka ke nan! Madam da kanta ta kawo mini hujja.

Madam Hadiza: A wannan misalin kaɗai, Malam. Tagwaitaka ta yanke hukunci cewa akwai uwa ɗaya, alhali wani lokaci zuwan ne da gaske yake kawo makin, wani lokaci kuma akasin haka. Kalmar da muke nema bai kamata ta san dalili ba. Kuma yaya za ka ce da -0,79? In Rabi ta ƙirga kwanakin fashi maimakon kwanakin zuwa, lambar ɗaya ce, alamar ce ke juyawa: fashi na hawa, maki na sauka. Tagwayen da ɗaya ke hawa ɗaya ke sauka?

Malam Issufu: Tagwaitakar saɓani. Me ya yi zafi?

Alhaji Mamman: Ku gafarce ni malamai. Nawa yaron bai taɓa fashi ba, ko ranar da hazo ya rufe gari yana aji, amma 7 ya kawo. To wannan lissafin naku ƙarya ne ke nan, ko malamin ne bai iya gyaran takarda ba?

Mushe Sani: Alhaji, lissafin maganar aji yake gaba ɗaya, ba ya rantsuwa a kan yaro guda. A nan dai na yarda da Madam. Ka je ka ga takardunsa, ka duba ko yana gane Faransancin da ake tambayar da shi.

Lawali: Gaskiya ni ban ga abin wahala ba. A Kano da jami'o'in Najeriya dangantaka suke cewa, littattafai na can, masu karatu na can. Don me kullum sai mun ƙirƙiro namu?

Malam Issufu: Ga shi nan kuwa! Kullum Kano. Yaro, a nan Damagaram aka buɗe lakkwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, a 1973. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce. Sai mun jira wani ya yi mana suna daga ƙetaren iyaka? Alaƙa Larabci, korelasiyo Faransanci, mu ba mu da baki?

Lawali: Baba, "lissafi" ma Larabci ne, "lakkwal" da ka rubuta yanzu Faransanci ce. Ban ga ka kore su ba.

Malam Issufu: Waɗannan sun tsufa a gidan, sun zama ƴan gida. Baƙon yau nake magana.

Rabi: Don Allah Baba Issufu, Lawali, ku bar mini Kano sai jibi. Madam, kin ce "wani lokaci akasin haka". Yaya maki zai jawo fashi, alhali jarrabawa a ƙarshe take zuwa?

Madam Hadiza: Jarrabawar ce a ƙarshe, rashin ganewa tun farko yake. Yaron da karatu ya kuɓuce masa a Oktoba, ya ci 4 a gwajin farko, aka yi masa dariya, shi ne zai fara zamewa a Nuwamba. A ƙarshen shekara sai ki ga fashi da yawa da maki kaɗan, ki ce fashi ya kayar da shi, alhali faɗuwa ce ta kore shi. Hanyar ganewa: kar ki haɗa shekara dunƙule. Ɗauki makin zangon farko, ki duba fashin zango na biyu. In masu ƙaramin maki ne suka fara ɓacewa daga baya, kin ga wanda ya riga wani. Sannan ki kwatanta yaran da makinsu ya zo ɗaya a zangon farko, wani ya ci gaba da zuwa, wani ya yi fashi. Wannan ya fi kusa da amsa, ko da yake rashin lafiya na iya shiga tsakani: zazzaɓin cizon sauro na hana zuwa, yana kuma hana karatu a gida.

Mushe Sani: A ƙara da littafin kiran suna. Yaron da ya bar lakkwal kafin jarrabawa ba shi da maki. In an cire layinsa, an cire mafi fashi a ajin, galibi r sai ya ragu. In an sa masa sifili, r sai ya kumbura, don sifilin ba awon iliminsa ba ne, fashin ne aka ƙirga sau biyu. Ki tambayi baƙonki wanne ya yi.

Madam Hadiza: Wannan tambayar ta fi kalmar muhimmanci, Mushe.

Rabi: To ga abin da na rubuta: "Zuwa aji da maki suna tafiya tare. Amma tafiya tare ba ta nuna wanda ya jawo wani, ko kuwa wani abu na uku ne ya jawo su duka." Shi r ɗin zan kira shi "awon tafiya tare".

Lawali: In ya zama ragi fa? Ɗaya na hawa ɗaya na sauka, ai ba tare suke ba. A nan Baba yana da ɗan gaskiya, kalmar Madam ma ta yi tuntuɓe.

Madam Hadiza: Ta yi. "Tafiyar saɓani" nake cewa, kuma ba ta gamsar da ni ba. Rabi, ki ƙirga zuwa, kar ki ƙirga fashi, sai ki tsallake ramin gobe.

Malam Issufu: Saɓanin ma nawa ne kuka ɗauka. A rediyo ki faɗi abin da kika ga dama, iska ce. Amma ranar da za a buga littafin lissafi, ba mai rubuta "awon tafiya tare" sau hamsin a shafi. Tagwaitaka na nan na jira.

Rabi: Na gode Baba. Mushe, turo mini tambayar nan ta sifili a rubuce, in kai wa baƙon tun da safe.