Bil ɗin ruwa ya ninka kuma ban ga inda yake zuba ba

Maman Ummi: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya taɓa fuskantar wannan, wata biyu kenan kuɗin ruwanmu ya kusan ninkawa, mu shida ne a gidan ba wanda ya ƙaru, ba ma wankin mota. Na zagaya ko'ina ba danshi a bango ba famfon da ke ɗiga. Maigidan ya ce mita ce ta lalace.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ku zargi mita ku gwada ta tukuna, ni ma haka na yi zato bara. Ku rufe duk famfunan gidan sannan ki je ki buɗe murfin mitar, akwai wani ɗan ƙaramin abu kamar tauraro a fuskarta, in yana juyawa alhali ba mai ɗiban ruwa to ruwa na wucewa wani wuri. In bai nuna ba sai a yi gwajin dare. Ni na ɗauki hoton mitar ƙarfe 10 na dare tana 412.350, da asuba ƙarfe 5 ta koma 412.560, kuma na hana kowa taɓa famfo, a buta muka tanadi ruwan alwala. Baƙaƙen lambobin kubik mita ne, kowane ɗaya lita 1000, jajayen su ne ƙananan. Kin ga lita 210 cikin awa 7, wato lita 30 duk awa, a yini 720. Kusan jarka 29 ta lita 25 kullum wallahi, kuma duk ta masai ɗaya na ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba.

Sani Kawo: Ai in mita na juyawa fayif ne ya fashe a ƙasa, namu sai da aka fasa siminti tun daga get.

Baban Sadiq: Yana faruwa Malam Sani amma kar a fara da fasa gida. A rufe makunnin da ke shigar da ruwa cikin gini, in mitar ta ci gaba da juyawa to tsakanin mita da makunnin ne, nan ne za a tona. In ta tsaya matsalar tana ciki. Kuma masu tankin sama su rufe hanyar tankin kafin gwajin, don in yana cika dole mita ta juya ko ba yoyo.

Anti Bilki: Ni da zobo na kama nawa. Fulamba ne ya ce in zuba abu mai launi a tankin masai kar in yi filashin, na zuba rabin kofi mai kauri ba sukari, ko minti 20 ba a yi ba ruwan cikin masan ya yi ja. Robar da ke toshe ƙasan tankin ce ta bushe ta lanƙwashe, ruwa na sulalewa ta bayan kwanon shiru ba ƙara ko kaɗan. Aka canza robar shikenan. Amma ki yi filashin da kin gama kar ya rina miki kwano.

Maman Ummi: Anti na gwada yanzu a bayi uku duka, ba wanda ya canza launi.

Injiniya Bello: Hajiya wannan bai wanke su ba. Hanya biyu tankin masai ke zubar da ruwa, robar ƙasa ɗaya ce, ɗayar ita ce ƙwallon nan mai tasowa ya tsayar da ruwa. In ƙasa ko tsakuwa ta maƙale a bakinsa ba ya rufewa ruf, ruwa ya yi ta hawa har ya malala ta bututun tsakiya ya faɗa masai. Ya kamata ruwan ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakin bututun. Abin da ke ruɗar mutane shi ne da rana ƙarfin ruwa kaɗan ne kowa na ɗiba sai ƙwallon ya riƙe, cikin dare ƙarfi ya ƙaru sai ya saki. Ki ɗaga murfin da asuba kafin kowa ya shiga, in ruwan ya kai bakin bututun kin kama shi. Ko ki rufe makunnin masai ukun duka a daren nan ki duba mita da safe.

Usman Dorayi: Mu da muke bohol ba mita fa? Sumo ɗinmu sau biyu muke kunnawa yanzu maimakon sau ɗaya.

Anti Bilki: Ka cika tanki ka sa alama da alli a dai-dai inda ruwan ya tsaya, da safe ka hau ka duba.

Sani Kawo: Ni har yanzu ina zargin iska, duk sanda aka kawo ruwa bayan kwana uku mitarmu gudu take kafin ɗigo ɗaya ya fito.

Injiniya Bello: Iska na juya mita gaskiya ne, amma na ɗan lokaci ne, ba na jin ita kaɗai za ta ninka bil.

Maman Ummi: Na rufe masai ukun na kwana, lita 40 ta tafi maimakon 150 na shekaranjiya. Yau zan buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sauran 40 ɗin ne ban san ina suke bi ba.